Rabin Maganar Dubagari

A gidan rediyon, in ka tambayi wane ne Almakashi, kowa da irin amsarsa. Injiniyan sauti, wanda suke kira Kunne, zai ce maka mutum ne da ke duban jarida yadda mahauci ke duban sa, kallo ɗaya ya san inda tsoka take da inda ƙashi yake. Mai shara tana cewa ba ta taɓa ganin mai zubar da takarda irinsa ba, amma bai taɓa wuce ta bai gaishe ta ba. Manaja kuwa in baƙi suka zo sai ta nuna shi ta bayan gilashi ta ce, "Wancan da kuke gani, ba shi jawabin yini guda, ya mayar muku da shi numfashi biyu." Matarsa ce kawai ba ta ganin abin yabo a ciki. Tana cewa tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa kai ƙarshen zance ba, da ta ɗauko sai ya ɗaga hannu ya ce ya gane.

Aikinsa shirin waiwayen jaridu ne na safe. Mai kawo jaridu zai jibge su a kan teburinsa suna warin tawada, shi kuma ya bi su da jan biro, ya tsamo abin da za a faɗa wa mutanen gari suna shirin fita. A ɗakin labarai ya girma, kuma can aka koya masa abin da ya zame masa jini: labari a kansa nauyinsa yake. Layukan farko su ne ke ɗauke da wa, da me, da ina, abin da ya biyo baya ciko ne. In wuri ya ƙure, daga ƙasa ake yankewa. Da wannan ya yi suna, kuma bai taɓa ba shi kunya ba.

Shafin ra'ayi ba nasa ba ne. Wata abokiyar aikinsu ce ke taƙaita shi, mace mai nawa, wadda ke karanta maƙala har ƙarshe tana motsa leɓe. Da ta tafi hutun haihuwa, Manaja ta ce ba sai an nemo kowa ba, Almakashi ya haɗa da shi.

A lokacin cutar amai da gudawa ta sauka a unguwannin bayan layin dogo. Asibiti ya cika har ana shimfiɗa wa mutane kwali a baranda, ana rataye ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusa. Famfunan gari sun daɗe ba sa kawo ruwa sai jefi-jefi, rabin gidaje da masu tura ruwa suka dogara, masu cika jarkoki a famfon bakin kasuwa su loda a kura su bi lungu-lungu. Mutane suna mutuwa, kuma kowa yana neman wanda zai ɗora wa.

Wata rana da safe jaridu suka zo a makare. Almakashi ya gama da manyan labarai, Kunne yana ƙwanƙwasa masa gilashi, sannan ya buɗe shafin ra'ayi na jaridar mako. Kanun da manyan baƙaƙe yake: "Masu Tura Ruwa Ne Ke Kashe Mu?" A ƙarƙashi ga ɗan hoton marubucin, tsohon dubagari, wanda ya yi rayuwarsa yana leƙa randuna da masai da kwatocin garin nan kafin ya yi ritaya. Ba wanda bai san shi ba. Uwaye har tsorata yara suke yi da shi a da, amma in ya ce ruwan rijiya ya ɓaci, ko mai rijiyar ba ya ƙara sha.

Almakashi ya bi sakin layi na farko da na biyu. An rubuta cewa jarkokin masu tura ruwa ba sa ganin sabulu, cewa hannun da ya taɓa taya shi ne ke toshe bakin jarka, cewa duk lungun da kurarsu ta bi gawa na fitowa daga cikinsa, don haka a hana su sana'ar har cutar ta wuce. Magana ce a jere, mai ƙarfi. A can sama akwai "ana ta cewa a gari", amma idonsa ya saba tsallake irin waɗannan, ya ɗauke su share fage. A ƙasan shafin an sa da ƙananan baƙaƙe cewa ci gaban yana shafin baya. Bai juya ba.

Jar fitila ta kama. Cikin muryarsa mai sanyi da aka yarda da ita ya ce, "A shafin ra'ayi kuwa, tsohon dubagarin garin nan ya ce masu tura ruwa ne ke yawo da cutar gida-gida. Ya ce jarkokinsu ba su da tsafta, ya kuma nemi hukuma ta hana su sana'a." Ya wuce labarin wasanni.

Kunne ya ɗaga masa babban yatsa da aka fita. "Ka ga aiki! Ai da mai hutun haihuwa ce da yanzu tana sakin layi na biyu tana tauna."

Bai ji komai ba sai da ya koma gida da yamma. Matarsa tana tsakar gida ta kifa bokitai, tana kankare ƙasan randa da kofi.

"Yau ba wanka, Malam. In ka ga dama ka yi da labarai."

"Dogo bai zo ba?"

Dogo shi ne mai kawo musu ruwa, mutum mai tsawo da shiru, wanda ke sauke jarka biyu a lokaci guda ba ya nishi. Tun manyan yaransu suna rarrafe yake zuwa gidan.

Ta miƙe ta dube shi. "Wai ba ka ji ba? Kai da ke ba mutane labari? Samarin bayan layi sun tare su a famfon kasuwa. Sun farfasa jarkoki, sun cinna wa kura wuta. Dogo ya ƙi sakin tasa, suka rufe shi da duka, wani ya sauke masa bulo a ka. Yana asibiti, ko motsi ba ya yi." Ta ajiye kofin. "Suna duka suna cewa ai Dubagari ma ya faɗa a rediyo. Ni abin da ya ɗaure mini kai, tsohon nan da ke zama da su a ƙarƙashin bishiyar kasuwa, me suka yi masa?"

"Ra'ayinsa ne," in ji Almakashi. "Mu karantawa kawai muke yi."

Ya shiga ɗaki ya cire takalmi. Abincin da ta kawo masa ya taɓa kaɗan ya ture.

Washegari da ya isa aiki ya tarar da wata mata zaune a benci a gaban ofishin Manaja, jaka a cinyarta, ta riƙe jarida a nannaɗe kamar sanda. Mai gadi ya raɗa masa cewa 'yar Dubagari ce, malamar makaranta, tun kafin a buɗe ƙofa take nan. Da ta ji muryarsa yana amsa gaisuwa ta tashi.

"Kai ne mai karanta jaridu?"

"Ni ne, Malama. Lafiya?"

Ta warware jaridar, ta juya ta shafin baya, ta ɗora masa a hannu, ta sa yatsa a wurin. "Karanta. Da ƙarfi, yadda ka iya."

Bai karanta da ƙarfi ba, amma ya karanta. Layin farko na ci gaban cewa yake: "Wannan shi ne abin da ake faɗa a gari. Na kawo shi da dukkan ƙarfinsa don kada a ce na ɓoye wani abu. Yanzu ga amsata: ba gaskiya ba ne." Daga nan tsohon ya bi zargin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce gidajen da ke da famfo a ciki, waɗanda kura ba ta taɓa tsayawa a ƙofarsu ba, su ma suna fitar da marasa lafiya. Ya ce masu tura ruwan ne da kansu suka kai shi bayan tashar mota suka nuna masa inda babban bututu ya fashe a cikin kwata, duk lokacin da aka ɗauke ruwa sai ya zuƙi ƙazanta, in aka dawo da shi ya tura ta cikin gari. Ya ce hukumar ruwa ta san da fashewar, an sanar da ita, ta yi biris. Ya yarda jarkokin suna buƙatar wanki da magani, ya ce a ba su. Ya rufe da cewa wanda ya hana masu tura ruwa sana'a ya bar bututun nan, ya ƙara wa mutane ƙishirwa ne a kan cuta.

Almakashi ya juya jaridar. Ya koma shafin farko, ya ga "ana ta cewa a gari" tana nan inda take, ga kuma "in ji masu wannan ra'ayi" a tsakiyar sakin layi na biyu, a nasa kwafin jan bironsa ya bi ta kanta jiya.

"Kanun ne," ya ce. "Kanun ya nuna kamar..."

"Ba Baba ne ya sa kanun ba, 'yan jaridar ne suka sa. Kai ya kamata ka fi ni sani. Kuma ko kanun ai tambaya ce." Muryarta ba ta tashi ba. "Jiya an kwara mana ruwan kwata a ƙofar gida. Mutanen da suka riƙe masa hannu suka tsallakar da shi lambatu don ya ga bututun, yau in sun hango shi sai su tofar da yawu. Mutum ya tsufa ba shi da gona ba shi da mota, maganarsa kaɗai ya mallaka, ka ɗauka ka juya ta."

Ta karɓe jaridarta ta shiga wurin Manaja. Ba ta daɗe ba ta fito ta wuce shi.

Manaja mace ce mai fara'a da ba ta son hayaniya. Ta sa aka rufe ƙofa, ta zuba masa shayi.

"Abin ya faru, ba daɗi. Gobe ka sake taƙaita maƙalar daidai, shi ke nan."

"Ranki ya daɗe, sai na ce jiya mun yi kuskure."

"Ba za ka ce ba." Ta ajiye butar. "Akwai mutum kwance a asibiti. In ka buɗe baki ka ce mu ne, gobe lauya ne a bencin nan, jibi hukumar da ke ba mu lasisi. Mutum nawa ke cin abinci a gidan nan? Kuma kai ka ɗauki bulo? Ka karanta daidai, mai hankali zai gane. Sannan batun hukumar ruwa, ka sassauta. Ka ce ya yi kira a duba bututu."

"Bai yi kira ba, zarginsu ya yi. Ya ce sun sani suka yi biris."

"To mu ne za mu zarge su?"

"Ba mu ba. Shi. Zan ce in ji shi a kowace gaɓa. Amma in na mayar da zargi kira, na sake sa masa maganar da ba tasa ba."

Ta juya cokali a cikin kofi. "To. Faɗi abin da ya faɗa, ka jingina masa, in sun kawo martani mu karanta nasu. Amma kalmar kuskure ko haƙuri kada na ji ta. Ka ji ni, Almakashi? Na fi son in rasa ka da in rasa gidan."

Yinin nan bai fita cin abinci ba. Ya zauna da maƙalar ya karanta ta daga farko har ƙarshe, ya sake, yana motsa leɓe bai sani ba. Ya ja layi a ƙarƙashin abin da tsohon yake nufi, ya kewaye abin da ya ɗauko daga bakin wasu, ya ware hujjojinsa. Ya rubuta taƙaitawar ya yaga, don ya ga ya sa "abin takaici" kuma tsohon bai ce haka ba. Ya sake rubutawa ya ga ya bar inda tsohon ya yarda jarkokin na son wanki, ya mayar da shi, don barinsa ma gyara wa mutum magana ne. Kunne ya leƙo ya ce, "Yau Almakashi ya koma allura," bai sami dariya ba, ya ja ƙofa.

Da safe ya karanta: "Tsohon dubagari, a maƙalarsa ta jaridar mako, ya ƙi yarda da masu cewa masu tura ruwa ne ke yaɗa cutar. Ya kawo zargin nasu, sannan ya ce ba gaskiya ba ne. A cewarsa, tushen cutar bututu ne da ya fashe a cikin kwata bayan tashar mota, kuma ya zargi hukumar ruwa da cewa ta sani ta yi biris. Ya yarda jarkokin suna buƙatar wanki, amma a ganinsa hana masu tura ruwa sana'a ƙara wa mutane wahala ne. Wannan ra'ayin marubucin ne."

Manaja ta gyaɗa kai ta bayan gilashi. Shi ma ya ji wani abu ya ɗan sauka daga ƙirjinsa.

A motar haya da zai koma gida ya ji yadda abin ya sauka a kunnen mutane. Wani mai ɗinki da ke riƙe da kan keke a cinya ya ce wa na kusa da shi, "Ka ji tsohon nan yau? Ya lashe amansa."

"Ai dole. An kwara masa ruwan kwata, ya ga ba wasa."

"Shekaranjiya masu kura, yau bututu. Gobe kuma ya ce aljanu ne."

Wata mata a baya ta ce, "Ni na daina jin maganarsa. Wanda ya canza baki cikin kwana biyu, wa zai bi shi ya tone titi?"

Mota ta ɗauki dariya. Almakashi ya manna fuskarsa a taga. Ko ɗaya a cikinsu bai san muryar da ke zaune a tsakaninsu ba, don bai yi magana ba. Bai sauka a unguwarsu ba, ya wuce har bayan layin dogo, ya yi tambaya aka nuna masa gidan.

Ƙofar gidan an wanke ta amma warin bai tafi ba. 'Yar ce ta buɗe, ta dube shi, ta kauce ta ba shi hanya. Tsohon yana zaune a kujerar roba a ɗan ɗakinsa, ƙafafunsa a kumbure cikin silifas, rediyo ƙarama a kan taga, tsofaffin jaridu an ɗaure su da igiya an jera har kusa da rufi. Ya fi hotonsa ƙanƙanta.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Yauwa. Muryar nan na san ta. Zauna, ɗana, ga gado nan."

Almakashi ya zauna a bakin gadon. Ya shirya magana a hanya, amma da ya buɗe baki sai ya ji yana bayanin yadda jaridu suka zo a makare, da yadda aka raba maƙalar shafi biyu, da yadda aka koya musu yanka daga ƙasa. Tsohon ya saurare shi har ya gama, bai katse shi ba.

"Haka ne," ya ce. "Labari kansa ne gaba. Ni kuwa ba labari na rubuta ba, gardama na yi. Mai gardama yakan bar abokin gardamarsa ya gama tukuna. Da nake aiki, in na shiga gida ba na fara cewa randarku ta ɓaci. Sai na bar mai gida ya gama rantsuwa, sannan na ɗaga murfi." Ya yi tari. "Na ji ta yau. Ka yi ta da kyau. Ban da abin da zan ƙara ko na cire."

"Na gode, Baba."

"Kada ka gode. Ta yau ta fi ta shekaranjiya yi mini ɓarna."

Almakashi ya ɗago.

"Shekaranjiya mugu ne ni. Yau mugu ne kuma matsoraci. Ka faɗi magana biyu da sunana, ba ka ce ɗaya taka ba ce. Wa zai san ba ni na juya ba? Injiniyan hukumar ruwa ma ya aiko mini, wai in na tsayar da magana ɗaya sai su duba." Ya nuna taga da haɓa. "Bututun yana nan yana zuƙa. Ɗazu aka wuce da yarinyar maƙwabta a kafaɗa."

"Manaja ta hana ni faɗa."

"To."

Wannan "to" ɗin ba zargi a cikinta, shi ya sa ta fi zafi. Daga tsakar gida ana jin 'yar tana tafasa ruwa, murfin tukunya yana kaɗawa.

"Dogo ya cika da hantsi," in ji tsohon. "Ka san shi?"

Almakashi ya ce, "Shi ke kawo mana ruwa."

"Shi ya goya ni a bayansa muka tsallake kwatar, don ƙafafun nan ba sa iyawa. Na je gaisuwa. Suna zaune a ƙofar gidan da suke haya, da suka gan ni ba wanda ya matsa mini wuri. Ƙanensa ya ce, Baba, ka zo ka ga aikinka? Na tsaya na yi addu'ata a tsaye na dawo."

Almakashi ya zame daga bakin gadon, gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa. "Baba, ni dai..."

Tsohon ya ɗaga hannu. "A'a. Riƙe ban haƙurinka. Ba a ɗakin nan ka yi laifin ba. In ka ba ni a nan, ni da kai da bango ne muka ji, gobe in fita a ci gaba da tofar da yawu. Tashi, kada ka ɓata wandonka."

A gida ya tarar matarsa ta riga ta ji rasuwar. Tana zaune a kan turmi, idanunta ja. A gefen randa ga wani tsohon murfin jarka da Dogo ya manta tun makon jiya.

"Maman yara," ya ce, "maganar da aka ce Dubagari ya faɗa, bai faɗa ba. Ni ne ban karanta har ƙarshe ba."

Ya jira ta yi masa gori, don tana da abin yi, amma ba ta yi ba.

"Mutane sun sani?"

"In na faɗa, aikin ya tafi. Ga yara a makaranta."

"Ban ce ka faɗa ba, ban ce kada ka faɗa ba," ta ce. "Amma gobe zan je wurin matarsa. Ka gaya mini da wace fuska zan shiga." Ta tashi ta ɗauki bokiti ta fita neman ruwa a maƙwabta.

Da safe jaridu suka zo da wuri. Ya bi su da jan biro kamar kullum, ya miƙa wa Manaja takardar shirin, ta duba ta sa hannu. Ba komai a ciki sai farashin kaya, da taron gwamnoni, da adadin waɗanda aka kwantar. Ya shiga ɗakin watsa shiri ya ja ƙofa mai nauyi. Ɗakin ƙarami ne, bangonsa an lulluɓe da soso, teburin da koren ƙyalle, makirfo a rataye a gabansa. Ta gilashi yana ganin Kunne da hannunsa a kan maɓallan sauti, Manaja a tsaye a bayansa da kofin shayi.

Kafin fitila ta kama ya danna maɓallin magana da injiniya. "Kunne, in ka ji na bar takarda, hannunka naka ne. Ba zan riƙe ka ba."

Kunne ya dube shi, ya saci kallon Manaja da ke amsa waya, ya mayar da ido kan maɓallansa.

Fitila ta kama. Ya yi gaisuwa, ya karanta labarin farko da na biyu. Da ya zo inda shafin ra'ayi yake, ya kife takardar a kan koren ƙyallen. Shirun ya yi tsawon da a rediyo ake jin sa kamar an ɗauke wuta. Manaja ta sauke wayar daga kunnenta.

"Masu saurare," ya ce, kuma muryar ba irin wadda suka saba ba ce, ta dushe. "A makon nan kun ji magana biyu daga bakina da sunan tsohon dubagari. Shi magana ɗaya ya yi. Tun farko abin da ya rubuta shi ne masu tura ruwa ba su ne ke yaɗa cutar ba, bututu ne da ya fashe bayan tashar mota. Bai canza ba, ba a tsorata shi ba. Ta farkon da kuka ji, zancen mutanen gari ne da ya kawo don ya ƙaryata, ni kuma na karanta rabi na ce nasa ne."

Manaja ta ajiye kofin, ta dafa kafaɗar Kunne, tana nuna maɓallin yanke sauti da yatsa. Kunne ya sunkuyar da kai yana gyara wata wayar lantarki a ƙarƙashin tebur, wayar da ba abin da ya same ta.

"An kashe mutum a famfon kasuwa da maganar nan a bakin masu dukansa. Sunan da muke kiransa Dogo. Shi ke kawo ruwa gidana." Ya matso kusa da makirfo. "Ba gidan rediyon nan ba ne, ba jaridar ba ce, ni ne. Baba Dubagari, na yi maka ƙarya a gaban gari, ka yafe mini. Masu tura ruwa, da matar Dogo da 'ya'yansa da ƙanensa, ban da abin da zan mayar muku. Na cuce ku. Don Allah ku yafe mini."